Allunan Hanya: Siffa, Launi, Sannan Zane



Da yawa daga cikinmu mun kai shekarun da ake ba mu keke ko moto a ce mu je aike. Wasu sun fara tunanin neman permi, wasu kuma yayyensu na yin kabu-kabu. Duk wanda ya hau kwalta yana wuce alluna a gefen damansa, amma ba kowa ke karanta su ba. Wanda ya buɗe littafin kod karon farko yakan ga alamomi fiye da ɗari, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. To ba haka abin yake ba. Allunan nan suna da ƙa'ida, kuma ƙa'idar gajeruwa ce. Ana fara duba siffar allo, sannan launinsa, sannan a duba zanen da ke cikinsa. Siffa da launi su ke faɗa mana irin maganar da allon yake yi. Zane kuwa yana faɗa mana a kan me ake maganar.

Mu da muka yi nahawu ba za mu sha wuya a nan ba. Mun san akwai bambanci tsakanin labari da umurni da hani. Idan aka ce "akwai rijiya a gabanka", an ba ka labari ne don ka kula. Idan aka ce "kada ka shiga", an hana ka. Idan aka ce "bi ta nan", an umurce ka. Haka allunan hanya suke. Mai kusurwa uku yana gargaɗi, zagayayye mai jan gefe yana hani, zagayayye shuɗi yana umurni. Wannan tsari ba na gari ɗaya ba ne. An tattara shi a wata yarjejeniya da ƙasashe suka yi a birnin Biyana a shekarar 1968, kuma allunan da muke gani a Nijar suna bin salon Faransa na wannan tsari. Shi ya sa aka fi amfani da zane maimakon rubutu, don direban da bai iya harshen ƙasa ba ya gane.

Mai kusurwa uku: gargaɗi

Allon gargaɗi yana da kusurwa uku, tsininsa na kallon sama, gefensa ja, cikinsa fari, zanensa baƙi. Maganarsa ɗaya ce kullum: akwai haɗari a gaba, ka rage gudu ka buɗe ido. Zanen ne ke bayyana wane haɗari. Layi da ya lanƙwashe yana nufin kwana. Yara biyu suna nufin wurin da yara ke tsallakawa, kamar ƙofar makaranta. Saniya tana nufin dabbobi na ketare hanya. Mota da layuka masu murɗewa a ƙarƙashinta tana nufin hanya mai santsi. Idan kuwa alamar motsin rai ce kaɗai, wato sanda da ɗigo a ƙasa, to haɗari ne da ba shi da zane na kansa.

Abin da ya kamata sabon mai koyo ya riƙe shi ne, allon gargaɗi ba a bakin haɗarin ake kafa shi ba. Ana kafa shi tun kafin a iso. Yadda ake karantarwa a kod, a bayan gari tazarar takan kai kamar mita 150, a cikin gari kuma kamar mita 50. Idan tazarar ta saɓa wa haka, sai a maƙala ɗan ƙaramin allo a ƙarƙashinsa a rubuta ta, misali mita 300. Idan kuma lambar tana tsakanin kibiyoyi biyu masu kallon sama, to ba tazara ake nufi ba, tsawon haɗarin ake nufi. Kilomita 2 tsakanin kibiyoyi biyu a ƙarƙashin allon kwana yana nufin za a yi ta kwana har tsawon kilomita 2.

Mita 150 a baki kamar da nisa. Bari mu lissafa mu gani. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cinye mita 25 a kowane sakan. Ke nan daga allo zuwa haɗari sakan 6 ne kacal. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai ga birki, sakan ɗaya ya tafi, kuma a wannan sakan ɗin motar ba ta rage komai ba. Masu koyar da tuƙi suna da wata dabara ta ƙiyasta nisan tsayawa a busasshiyar kwalta: a ɗauki lambar farko ta gudun a ninka ta da kanta. A gudun 90, tara sau tara, mita 81. A gudun 50, biyar sau biyar, mita 25. Kun ga gudun bai ma ninka biyu ba, amma nisan tsayawa ya ninka fiye da uku.

To mu ƙaddara direba ya wuce allon saniya yana gudun 90. Idan ya ɗaga ƙafa nan take, yana da mita 150 alhali yana buƙatar 81, ke nan akwai rara. Amma idan ya sunkuya yana duba waya na sakan 3, mita 75 sun tafi, saura 75. Abin da yake buƙata ya fi abin da ya rage masa, kuma garke na tsakiyar hanya. Idan an yi ruwan sama kwalta ta jiƙe, nisan da birki ke ci yakan kusan ninka biyu, sai mita 81 ta koma kusan 135. Rairayin da iska ke zubawa bisa kwalta shi ma yana rage kamun taya. A cikin gari lissafin ya fi matsewa. Mai gudun 50 yana da mita 50 yana buƙatar 25. Mai gudun 70 yana buƙatar bakwai sau bakwai, mita 49, wato sai a kan yaran zai tsaya in ma ya tsaya. Saboda haka lokacin rage gudu shi ne lokacin da aka ga allon, ba lokacin da aka ga haɗarin ba.

Zagayayye mai jan gefe: hani

Allon hani zagayayye ne kamar faifai, gefensa ja, cikinsa fari. Duk abin da aka zana a ciki, shi aka hana. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don suna jiran su ga jan layi ya gifta zanen kafin su yarda hani ne. Wasu allunan suna da layin, kamar na hana juyawa hagu ko dama. Wasu da yawa ba su da shi. Jan gefen kaɗai ya isa. Idan muka ga babbar mota cikin jan zagaye, ba cewa aka yi nan ce hanyar manyan motoci ba, cewa aka yi kada su shiga. Haka idan amalanke ne a ciki.

Bambanci na biyu tsakaninsa da allon gargaɗi shi ne wurin da yake fara aiki. Gargaɗi na magana a kan abin da ke gaba. Hani kuwa yana fara aiki daga gindin allon. Idan an rubuta 30 cikin jan zagaye, to lokacin da tayar gaba ta yi daidai da ƙarfen allon, ya kamata gudu ya riga ya sauko 30. Wanda ya jira ya wuce allon sannan ya fara taka birki ya riga ya karya doka. Shi ya sa ake son a riƙa hango allo tun daga nesa.

Akwai alluna biyu na hani da ake yawan haɗawa. Na farko ja ne gaba ɗaya, da farar sanda kwance a tsakiya. Ma'anarsa ba a shiga ta wannan ɓangare, amma motoci na iya fitowa daga can, don hanyar ta masu tahowa ce. Wanda ya kutsa zai yi gaba da gaba da su. Na biyu fari ne fes ba zane, sai jan gefe. Wannan yana nufin an rufe hanyar ga duk abin hawa, daga nan da daga can. Wani yakan ga farin ya ɗauka zanen ne ya goge, alhali haka aka yi shi.

Allon hana wuce mota shi ma yana da kyau a san shi. Motoci biyu ne gefe da gefe cikin jan zagaye, ta hagu ja, ta dama baƙa. Jar ita ce mai son ta wuce, ita aka hana. Akan sa shi inda ba a hango gaba, kamar kafin tudu ko kwana.

To yaushe hani ke ƙarewa? Yana da allon ƙarshe. Zagayayye ne shi ma, amma jan gefen ya tafi, sai baƙin layi ya gifta shi a karkace. Idan 50 ce a ciki, iyakar 50 ta ƙare. Idan babu komai a ciki sai layin, duk hanin da aka ɗora wa masu tafiya a baya ya ƙare. Hani yakan ƙare kuma idan wani sabon allo ya canza shi. Yadda ake karantarwa, yakan tsaya a mararraba ta gaba, shi ya sa ake sake kafa shi bayan mararraba, wani lokaci da kalmar RAPPEL a ƙasa, wato tuni ne. Amma fa ƙarewar iyaka ba ta nufin a yi gudu yadda aka ga dama. An koma ne ga iyakar da doka ta sa wa irin wannan hanya.

Zagayayye shuɗi: umurni

Allon umurni zagayayye ne, shuɗi gaba ɗaya, zanensa fari. Abin da aka zana shi ne dole a yi. Farar kibiya mai kallon dama tana nufin dama za a bi, babu zaɓi. Kibiya mai kallon sama tana nufin a miƙe, ba juyawa. Kibiya da ta karkata ƙasa, wadda akan sa a bakin ɗan tsibirin da ke raba hanya, tana nuna ta wane gefe za a kewaye shi. Idan aka ga jan layi ya gifta shuɗin allon da zanensa, umurnin ya ƙare.

Kun lura hani da umurni duka zagayayyu ne. Wannan ba haɗuwa ba ce kawai. Duk zagayayyen allo doka ce, wanda ya saɓa mata jami'i na iya tsayar da shi ya ci shi tara. Launi ne ke raba su: ja ya ce kada ka yi, shuɗi ya ce yi.

Sai dai ba duk shuɗi ne umurni ba. Akwai shuɗi mai kusurwa huɗu, shi bayani yake yi. Yana nuna wurin ajiye mota, ko wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, ko cewa hanyar ɓangare ɗaya take tafiya. Launinsu ɗaya da allon umurni, siffa ce ta raba su. Wannan shi ne dalilin da muka ce a fara da siffa.

Zane ɗaya, magana huɗu

Hanya mafi sauƙi ta gwada ko mun gane ita ce mu ɗauki zane ɗaya mu sa shi cikin siffofi daban-daban. Mu ɗauki mutum mai tafiya a ƙasa. Idan yana cikin kusurwa uku, ana gaya wa direba cewa akwai wurin tsallakawa a gaba, ya rage gudu. Idan yana cikin jan zagaye, an hana masu tafiya a ƙasa bi ta nan. Idan yana cikin shuɗin zagaye, nan ce hanyar da dole su bi. Idan kuma yana cikin shuɗi mai kusurwa huɗu, to wurin tsallakawar ne aka iso, ga shi nan. Mutumin bai canza ba, amma magana ta canza sau huɗu. Kamar kalma ɗaya ce da wasalin ƙarshenta ke canza matsayinta a jumla.

Lamba ma haka take. Talatin cikin jan zagaye tana nufin kada a wuce 30. Talatin cikin shuɗin zagaye tana nufin kada a yi ƙasa da 30. Kun ga ma'ana biyu masu kishiyantar juna, kuma lambar ɗaya ce. Talatin cikin shuɗi mai kusurwa huɗu kuwa shawara ce, ana cewa wannan gudun ya fi dacewa. Wanda ya haddace zane kaɗai, nan ne zai faɗi a jarrabawar kod, kuma nan ne zai yi kuskure a hanya.

Waɗanda suka fita daga ƙa'ida

Kowace ƙa'ida tana da togaciya, kuma a nan togaciyar ta fi taruwa a mararraba, inda ake tambayar wa zai fara wucewa.

Na farko shi ne allon tsayawa. Kusurwa takwas gare shi, ja ne, an rubuta STOP da farin rubutu. Babu wani allo mai irin wannan siffa. Abin da yake nema shi ne tsayawa cak a bakin farin layi, taya ta daina juyawa, mai moto ya sa ƙafa ƙasa. Sai a duba hagu, a duba dama, a bar masu wucewa su wuce. Ko da ba kowa a hanya, ko da tsakar dare ne, tsayawar tana nan. Rage gudu a leƙa a wuce ba tsayawa ba ne.

Na biyu mai kusurwa uku ne amma a kife, tsininsa na kallon ƙasa. Shi ba gargaɗi kawai yake yi ba, doka ce: a ba masu babbar hanya wuri. Bambancinsa da na farko shi ne, idan an duba da kyau an ga ba kowa, ana iya wucewa ba tare da an tsaya ba. Idan akwai mai tahowa, dole a tsaya.

Na uku mai kusurwa huɗu ne da aka tsayar a kan kusurwa ɗaya, cikinsa rawaya, gefensa fari. Yana gaya wa direba cewa hanyarsa ce ke da fifiko a mararrabun da ke gaba. Idan baƙin layi ya gifta shi, fifikon ya ƙare.

An ba waɗannan alluna siffa ta daban ne da gangan, don a gane su ko ta baya. Mu ƙaddara muna kan babbar hanya, muka hango bayan wani allo mai kusurwa takwas a bakin ƙaramar hanyar da ke shigowa. Ba mu ga rubutun ba, ƙarfe kawai muka gani, amma mun san an ce wa masu fitowa daga can su tsaya. Duk da haka mai hankali yakan sassauta, don allo ba ya riƙe birkin kowa.

Inda babu allo ko ɗaya a mararraba, ko inda aka ga kusurwa uku da baƙin gicciye a ciki, ƙa'idar kod ita ce wanda ya fito daga damanka shi ke fara wucewa. Idan akwai wutar hanya tana aiki, ita ake bi a kan allo. Idan kuma ɗan sanda ko jandarma na tsaye yana ba da hannu, shi ake bi a kan wuta da allo duka.

Akwai kuma allo guda da ke haɗa shuɗi da ja, yana ruɗa masu koyo. Zagayayye ne, cikinsa shuɗi, gefensa ja. Kada shuɗin ya yaudare mu, jan gefe ne ke da magana, hani ne. Idan jan layi ɗaya ya gifta shi, an hana ajiye mota a tafi a bar ta, amma ana iya ɗan tsayawa a sauke mutum. Idan layi biyu ne sun gicciye, ko tsayawar ma an hana. Wannan ya shafi ƴan kabu-kabu da masu adaidaita sahu ƙwarai, tunda aikinsu ɗauka da saukewa ne.

Idan allo ya tsufa ko launi ya canza

A ƙasarmu rana da ƙura ba sa barin fenti ya daɗe. Ja yakan kashe ya koma fari-fari, zane ya dushe, wani lokaci a liƙa takarda a kai. Lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe nesa, sai inuwar allo kaɗai ake hangowa. Da dare, fitilar moto mai rauni ba ta nuna launi sosai. Akwai ma mutanen da idonsu bai bambanta ja da kyau. A duk waɗannan halaye siffa ce ke saura. In ka hango kusurwa uku, rage gudu ko ba ka karanta zanen ba. In ka hango zagaye, ka san doka ce, ka sassauta har ka gane ta. In kusurwa takwas ce, ka shirya tsayawa.

Idan cikin allon gargaɗi ya zama rawaya maimakon fari, a tsarin da ake karantarwa a nan yana nufin abin na ɗan lokaci ne, galibi aikin hanya. Irin wannan shi ake bi ko da ya saɓa wa allon da aka saba gani a wurin. Masu ketarawa Najeriya ta Ɗan Isa ko ta Ƙonni za su iya tarar da rawaya a cikin alluna na dindindin. Kada wannan ya dame su. Can ma dama ake bi, kuma kusurwa uku gargaɗi ce, jan zagaye hani ne, shuɗin zagaye umurni ne.

Mu gwada tafiya ɗaya

Mu ƙaddara wani yayanmu ya taso a moto kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ya nufo wani gari. Jerin allunan misali ne muka tsara don koyo. Yana gudun 70 sai ya hango kusurwa uku da layi ya lanƙwashe dama. A wannan gudun yana cin kusan mita 20 a sakan, ke nan yana da sakan bakwai zuwa takwas kafin kwanar. Yanzu ne zai saki mai ya taɓa birki, tun hanya na miƙe, don taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwana shi ke kayar da moto.

Bayan kwanar ya tarar da jan zagaye da motoci biyu a ciki, ga kuma babbar mota na jan jiki a gabansa. Hannunsa na ƙaiƙayi ya wuce ta. Ya kamata ya haƙura ya bi bayanta, ya bar tazara yadda zai riƙa ganin madubinta, har ya ga allon da baƙin layi ya gifta motocin.

Ya kusa gari, ya hango 50 cikin jan zagaye. Tun daga nesa zai sauko, yadda zai iso gindin allon yana kan 50 ko ƙasa. A cikin gari ga kusurwa uku da yara biyu. Yanzu tazarar mita 50 ce kawai, kamar sakan uku da rabi a wannan gudun. Babu lambar da aka rubuta masa, amma idan lokacin tashi daga makaranta ne, 50 ɗin ma ta yi yawa. A gudun 30 mita 10 zuwa 15 sun ishe shi tsayawa. Iyakar gudu rufi ce da ba a wucewa, ba gudun da dole a yi ba ne.

Yana so ya juya hagu ya shiga layin kasuwa, sai ya ga ja da farar sanda a bakin layin. Ba shiga. A gabansa kuma ga shuɗin zagaye da kibiya mai kallon sama, dole ya miƙe. Ya miƙe har mararraba ta gaba, inda ya tarar da kusurwa takwas. Ya tsaya, ƙafa a ƙasa, ya duba, ya bar wata mota ta wuce, sannan ya shiga. A ƙofar kasuwa ga shuɗi mai jan gefe da layi ɗaya. Zai iya sauke ƙanwarsa a nan, amma ba zai kafe moton ya shiga cefane ba, sai ya nemi wurin ajiya. Alluna tara ke nan, kuma a kowanne siffa da launi sun riga sun faɗa masa rabin maganar kafin ya kai ga zanen.

Ga wanda ke son ya ƙware, ga aikin da ba ya cin ko dala. Gobe a hanyar makaranta, duk allon da aka hango daga nesa, kafin a ga zanensa, a faɗa a zuci: gargaɗi ne, ko hani, ko umurni, ko bayani. Idan an matso sai a duba ko an yi daidai. Ƴan aji ɗaya za su iya yi wa juna tambaya, ɗaya ya zana keke cikin siffa huɗu a kan allonsa, ɗaya ya fassara. Ƙannenmu da muke riƙe wa hannu in za a tsallaka titi, mu fara nuna musu guda uku: na yara biyu, na wurin tsallakawa, da mai kusurwa takwas.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.